Darasi na Tara: Ƙawata Ɗakin Majinyata Lokacin Sallah

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. bayyana dalilin da ya sa adon ɗakin asibiti ya bambanta da adon gida ko na wurin biki;
2. raba ɗakin majinyata zuwa wuraren da ado zai iya shiga da wuraren da ba zai shiga ba;
3. haɗa ruwan kulorin na goge kaya bisa ma'aunin da ya dace;
4. kimanta ƙara da haske gwargwadon abin da majinyaci mafi rauni zai iya ɗauka;
5. tsara aikin ado na ɗaki guda, tun daga neman izini har zuwa cirewa.

Abin da ya raba ɗakin asibiti da zauren gida

Idan Sallah ta ƙarato, a gida akan share tsakar gida, a shimfiɗa sabuwar darduma, a canza labule, a tayar da turaren wuta, a kunna rediyo, kuma duk wanda hayaƙi ko hayaniya ta dama yana iya ficewa ƙofar gida ya sha iska. Majinyacin da aka kwantar a asibiti ba shi da wannan dama, domin sau da yawa yana ɗaure da robar ƙarin ruwa, ko ƙafarsa tana cikin filasta, ko kuwa ba shi da ƙarfin da zai ɗaga murya ya ce abu ya dame shi, ga kuma kunya da kawaici da kan hana mutum ƙorafi a kan alherin da aka zo yi masa. Saboda haka duk abin da aka rataya, ko aka kunna, ko aka fesa a ɗakin, majinyaci zai kwana da shi ya tashi da shi ko yana so ko ba ya so.

Daga wannan ne ƙa'idar da darasin ya ginu a kanta ta fito, wato ana auna adon ɗaki da halin majinyaci mafi rauni da ke cikinsa, ba da sha'awar mafi yawan waɗanda suka fara samun sauƙi ba. Ɗaki mai gado ashirin yana iya ƙunsar mutum goma sha tara da ke marmarin jin kiɗa, amma idan na ashirin ɗin yana fama da sanƙarau, to halinsa ne zai yanke hukunci. Misalan darasin sun shafi ƙaramar Sallah a babban asibitin gwamnati, sai dai ƙa'idojin ba sa canzawa idan bikin Kirsimeti ne ko Mauludi, ko kuma idan wurin gidan gajiyayyu ne.

> Ma'anar kalma: Kewayen majinyaci. Gadon majinyaci da duk abin da hannunsa ko hannun mai jinyarsa ke yawan taɓawa, kamar ƙarfen gado, da zanen gado, da lokar gefen gado, da sandar ƙarin ruwa, da gidan sauro.

Inda ido ke kaiwa amma hannu ba ya kaiwa

Mafi yawan ƙwayoyin cutar da majinyata ke ɗauka a cikin asibiti ta hannu suke tafiya, daga jiki zuwa kaya, daga kaya zuwa wani hannun, sannan zuwa wani jikin. Wannan ne ya sa jagorar tsabtar hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 ta lissafa lokuta biyar da ma'aikaci zai tsabtace hannunsa, na biyar ɗinsu kuwa shi ne bayan taɓa kewayen majinyaci, ko da bai taɓa jikin majinyacin ba. Abin da wannan ke nufi ga mai ado shi ne, duk ƙyallen da ya ɗaura a ƙarfen gado ya zama wani sabon wurin da hannu zai taɓa, kuma wuri ne da mai goge-goge ba zai iya tsabtacewa ba, domin tsumma yana bin ƙarfe ya ɗauke datti, amma ba ya iya yin haka ga yadi ko takarda. Abin da yakan faru shi ne mai goge-goge ya kewaye wurin da aka ƙawata don kada ya ɓata shi, sai a wayi gari wurin da ya fi kyau a ido shi ne ya fi kwana biyu ba a goge ba.

Don haka ana raba ɗaki gida uku. Kashi na farko shi ne wurin da ado ba ya shiga ko kaɗan, kuma ya ƙunshi kewayen majinyaci, da bakin famfon wanke hannu, da wurin ajiye man goge hannu, da teburin magani da na wankin ciwo, da kewayen tukunyar iskar oksijin, da ƙofar fita, da wurin abin kashe gobara. Kashi na biyu shi ne saman bango, daga kimanin mita biyu zuwa sama, inda mutumin da ke kwance yake gani sosai amma hannu ba ya kaiwa, kuma a nan ne mafi yawan adon cikin ɗaki ya kamata ya tsaya. Kashi na uku shi ne baranda da wurin zaman masu jinya da bakin ƙofar shiga, inda ake da sarari, kuma mai son biki yana iya takowa, wanda ba ya so kuma ya zauna a gadonsa.

Yana da kyau mai ado ya tuna cewa majinyaci a kwance yake kallon ɗaki. Rubutun barka da Sallah da aka manna a saman ƙofa yana burge mai shigowa ziyara, amma wanda ke gado na goma sha biyu ba zai taɓa ganinsa ba, abin da yake gani shi ne bangon da ke fuskantarsa da silin da fanka. Ba a rataya komai a jikin fanka ko a igiyar gidan sauro, domin igiyar da aka ɗora wa nauyi takan saki, gidan sauron ya sauko ya taɓa jiki, sauro kuma ya ciji mutum ta cikin raga.

Kayan da ke goguwa da waɗanda ba sa goguwa

Tambaya ɗaya ce ke tantance kayan ado, wato ko za a iya bin sa da jiƙaƙƙen tsumma ba tare da ya lalace ba. Allon roba da ake bugawa a wurin masu buga fosta yana goguwa, haka nan katin da aka lulluɓe da leda ta hanyar laminatin, da ƙananan tutocin roba masu santsi. Yadi, da ulu, da takarda mai lanƙwasa, da furen roba mai ganye barkatai, da kayan ƙyalƙyali masu gashi-gashi, duk ba sa goguwa, kuma suna tara ƙura cikin kwana ɗaya ko biyu. Tun da Sallah tana matsowa baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, akwai shekarun da take faɗawa cikin hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ta kowace taga, akwai kuma shekarun da take faɗawa cikin damina, lokacin da takarda ke shan laima ta yi funfuna, kuma ko wanne daga cikin biyun yana tayar wa mai asma da ciwo. Idan dole sai an yi amfani da takarda, kamar zanen da yara suka yi da hannunsu, to a ɗauke ta a matsayin abin kwana biyu, wanda za a cire a zubar, ba a adana don Sallar baɗi ba.

Furanni masu rai suna buƙatar bayani na musamman, domin masu kawo su da kyakkyawar niyya suke zuwa. Ruwan da fure ke tsaye a ciki yakan zama matattarar ƙwayoyin cuta bayan ɗan lokaci, cikinsu har da wata mai suna Sudomonas, wadda ke shiga ƙuna da buɗaɗɗen rauni kuma take wuyar jin magani. Ƙasar tukunyar shuka da busassun furanni kuma suna ɗauke da ƙwayar funfuna mai suna Asfajilus, wadda mai lafiya ke shaƙa kullum ba ta yi masa komai ba, amma tana iya kama huhun wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai shan maganin daji ko wanda cutar ƙanjamau ta ci ƙarfinsa. Saboda haka fure da shuka ba sa shiga ɗakin masu ƙuna, da ɗakin kulawa ta musamman, da ɗakin jarirai, da duk inda irin waɗannan majinyata suke. Wannan funfuna tana zama kuma cikin ƙurar da ke saman silin, abin da ya sa ba a buga ƙusa a silin ko a ɗaga fallensa don ɗaura igiya alhali majinyata suna kwance a ƙasa.

Balan-balan ita ce abin da aka fi kawowa ɗakin yara, kuma ita ce ta fi haɗari a wurin. Idan ta fashe, yaro ƙarami yakan sa guntun a baki, guntun kuma yana manne wa maƙogwaro ya toshe numfashi ta yadda fitar da shi ke da wuya ƙwarai, ga ƙarar fashewar da ke firgita marar lafiya, ga kuma wasu mutanen da jikinsu ba ya jituwa da irin robar da ake yin ta da ita.

> Ma'anar kalma: Gogewa da damshi. Ɗauke ƙura da tsumman da aka jiƙa aka matse, domin ƙurar ta manne a tsumma. Kaɗe ƙura da busasshen ƙyalle ko tsintsiya yana tayar da ita sama ne kawai, majinyata su shaƙa.

> Ma'anar kalma: Kashe ƙwayoyin cuta. Shafa sinadari irin su kulorin a kan abin da aka riga aka wanke da ruwa da sabulu. Sinadarin ba ya aiki sosai a kan datti, don haka wanki ne ke zuwa da farko.

Misali na farko: haɗa ruwan kulorin

Kafin kayan ado su shiga ɗaki ana wanke su da ruwa da sabulu, sannan a goge su da ruwan kulorin, a bar su su bushe. Ruwan bilic da ake sayarwa a kasuwa, wanda jama'a suka fi sani da haifo ko jik, yana da ƙarfi daban-daban, kuma akan rubuta ƙarfin a jikin roba, galibi 3.5% ko 5%. Ƙarfin da ake so don goge kaya da bango shi ne 0.1%, idan kuwa jini ko wani ruwan jiki ya zube da yawa, ana amfani da 0.5%. Hanyar lissafin ita ce:

```
ma'aunin ruwa = (ƙarfin bilic ÷ ƙarfin da ake so) − 1
```

Idan bilic ɗin 3.5% ne, an raba 3.5 da 0.1 an sami 35, an cire ɗaya saura 34, wato duk ma'auni ɗaya na bilic yana buƙatar ma'auni 34 na ruwa. Mai aikin da ya zuba mililita 200 na bilic a bokiti zai ƙara masa lita 6.8 na ruwa, ya sami lita bakwai cif, wanda ya isa a goge kayan adon ɗaki guda. Idan babu abin awo, kowane kofi yana yi, muddin da kofin da aka auna bilic da shi aka auna ruwan. Wannan haɗi na yini ɗaya ne, domin zafi da hasken rana suna rage masa ƙarfi, saboda haka wanda aka haɗa daren jajibere ba a dogara da shi ranar Sallah da yamma. Ba a haɗa shi da wani sinadarin wanki don a ƙara masa ƙamshi, domin wasu haɗe-haɗen suna fitar da iska mai ƙona ido da huhu. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba bilic da ka, har warinsa ya cika ɗaki, mutane su ɗauka warin alamar tsabta ce, alhali kuwa yana tayar da tari, yana cin ƙarfe, yana kuma kashe launin kayan adon.

Wuta, hayaƙi da ƙamshi

A ƙasar Hausa ƙamshi rabin kwalliyar Sallah ne, kuma da wuya a sami ɗakin mata da wata mai jinya ba ta zo da turaren wuta a jaka ba, don haka hana shi yana buƙatar a bayyana dalili, ba a tsaya ga tsawa ba. Iskar da mutane ke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin ɗari, amma kusa da majinyacin da aka sa wa robar iska a hanci yawan oksijin ya fi haka, kuma yana shiga cikin zane da bargo da gashin kai. Oksijin ba ya kamawa da kansa, sai dai yana sa duk abin da ya kama ya ci da sauri da zafi fiye da yadda aka saba, ta yadda tartsatsin garwashi guda daga kasko zai iya cinye zanen gado kafin a kawo ruwa. Akan so a bar aƙalla mita uku tsakanin tukunyar oksijin da duk wata wuta mai ci, amma a ɗakin da gadaje ke jere kusa da juna, ga man goge hannu da shi ma yake kamawa, hanya mafi sauƙi ita ce kada kasko ko kyandir ko turaren tsinke ya shiga ɗakin baki ɗaya. Hayaƙin kansa yana tayar da asma, turaren fesawa mai ƙarfi kuma yana sa mai ciki da wanda ya farfaɗo daga tiyata tashin zuciya. Akwai kuma wata illa da ba a cika lura da ita ba, wato ƙamshi yana rufe wari, nas kuwa da hanci take fara gane raunin da ya ruɓe ko majinyacin da ya ɓata shimfiɗarsa.

Fitilun ado masu waya suna cin soket, kuma soket a ɗakin asibiti na na'urar tace oksijin ne da injin zuƙe majina. Idan za a yi amfani da fitilu, masu batir sun fi, kuma a baranda.

Ƙara da haske

> Ma'anar kalma: Desibel. Ma'aunin ƙarfin sauti. Raɗa tana kai kimanin 30, hira ta yau da kullum kimanin 60. Ƙarin desibel goma kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar sau biyu.

A jagorar da ta fitar a 1999 game da hayaniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙara a ɗakin kwanciyar majinyata ya wuce desibel 30, kuma da dare kada wata ƙara guda ta wuce 40. Ɗakunan asibiti kaɗan ne ke cika wannan ma'auni ko a ranar da ba biki, tun da akwai janareta da fanka da wayoyin masu jinya, amma lambar tana nuna cewa ɗakin ya riga ya cika da ƙara kafin mai biki ya kawo tasa. Hayaniya tana hana barci, rashin barci kuma yana ƙara jin zafin ciwo, yana kuma rikita tsofaffi har su kasa gane inda suke. Tana kuma rufe ƙarar na'urar da ke gargaɗi da muryar wanda ke kiran nas a hankali.

Mutane kan ɗauka cewa matsar da lasifika gefe ya wadatar, amma lissafi yana nuna akasin haka. A fili, duk lokacin da aka ninka tazara, ƙara tana raguwa da desibel shida kacal. Lasifikar da ke ba da 80 a tazarar mita ɗaya za ta ba da 74 a mita biyu, 68 a mita huɗu, 62 a mita takwas, wato wanda ke mita takwas daga gare ta yana jin ta kamar mutum yana magana a kansa ba ya tsayawa. A cikin ɗaki mai tayil da bangon siminti raguwar ba ta kai haka ba, domin sauti yana dawowa daga bango. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce mutum ya tsaya a gadon da ya fi kusa da wurin taron ya yi magana da muryarsa ta kullum, idan sai ya ɗaga murya na kusa da shi zai ji, to ƙarar ta yi yawa. Wannan hukunci ya shafi karatu da wa'azi kamar yadda ya shafi kiɗa, domin kunnen mai ciwon kai ba ya bambance su. A garuruwan da ake hawan Sallah, irin su Kano da Katsina da Zariya, ƙarar bindiga da kakaki tana iya isa asibitin da ke kusa da hanya, wannan kuwa ba abin da ma'aikata za su iya hanawa ba ne, sai dai su rufe tagogin ɓangaren su kuma sanar da majinyata tun da wuri don kada su firgita.

Akwai majinyatan da ƙara ko haske ke zama musu haɗari kai tsaye. Mai ciwon sarƙewar haƙora, wato tetanos, ƙara ɗaya ta ba-zata ko haske mai ƙarfi yana iya tayar masa da sandarewar jiki har numfashi ya tsaya, shi ya sa ake kwantar da shi a wuri mai duhu da shiru. Mai sanƙarau haske yana ƙara masa ciwon kai, mai jijjigar ciki kuma ana kula da ita a wuri mai natsuwa. Fitila mai walƙiya tana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu. Fitila mai launi kuma tana yaudarar ido, domin nas da likita suna duba launin ido da tafin hannu da leɓe ne su gane shawara ko ƙarancin jini ko ƙarancin iska, kuma a ƙarƙashin hasken kore ko ja ba a ganin ko ɗaya daga cikinsu. Irin wannan dalili ne ya sa akan roƙi majinyaciya mai son ƙunshin Sallah ta bar farce ɗaya ko biyu ba lalle, musamman baƙin lalle, domin yana iya hana na'urar da ake maƙalawa a yatsa karanta iskar jini daidai. Jarirai kuwa ba a sa musu lalle, domin akwai masu wata larurar jini ta gado da lalle ke fasa wa ƙwayoyin jini.

Misali na biyu: ɗakin mata mai gado ashirin

A ɗauka wata ƙungiyar mata ta unguwa tana son ƙawata ɗakin mata na wani babban asibiti, kuma ta tanadi allon roba guda biyu, da tutocin roba, da balan-balan hamsin, da fitilu masu walƙiya, da turaren wuta, da lasifika, da kulolin abinci. Mako guda kafin Sallah wakilan ƙungiyar suka je wurin shugabar nas-nas ta ɗakin, domin ita ce ta san halin kowane gado kuma ita ke da ikon amincewa. Ta shaida musu cewa gado na uku da na huɗu suna kan oksijin, gado na tara tsohuwa ce da ta fara rikicewa da dare, mata huɗu suna da ciwon suga, ɗaya za a shiga da ita tiyata washegarin Sallah, biyu kuma Kiristoci ne.

Da wannan bayani aka tace kayan. Turaren wuta ya fita saboda gado na uku da na huɗu, balan-balan da fitilu masu walƙiya suka fita saboda tsohuwar, wadda inuwa mai motsi a bango ke iya zame mata mutum, lasifika kuma ta fita saboda kowa. Allunan biyu da tutocin aka wanke aka goge da ruwan kulorin na 0.1% a waje. Ranar jajibere da misalin ƙarfe huɗu na yamma, bayan zagayen likita da raba magani, mata biyu kacal suka shiga, suka wanke hannu, suka ɗaura igiyar tutocin a ƙusoshin da suke bangon tun da, a saman tagogi, ba tare da tsani ya tsallaka kan gado ba. Ba a yi amfani da selotef a bango ba, domin yana barin danƙo mai riƙe datti, yana kuma ɗaye fenti. An rataya allo ɗaya a kowane ƙarshen ɗaki yadda layukan gadaje biyu za su gani, an kuma bar bangon da ke fuskantar gado na tara yadda yake, da agogonsa a fili, domin tsohon da ke rikicewa da abin da ya saba gani yake gane wuri. An gaida matan nan biyu Kiristoci an gaya musu abin da za a yi, rubutun allon kuma ya haɗa barka da Sallah da fatan samun sauƙi ga kowa.

Ranar Sallah aka yi gaisuwa a baranda na minti arba'in cikin lokacin ziyara, waɗanda ke iya tafiya suka fito, sauran kuma mutum biyu suka bi su gado-gado da murya ƙasa. Abinci bai shiga hannun majinyaciya kai tsaye ba, nas ce ta nuna gadajen da za a ba da waɗanda za a tsallake, domin cincin da lemon kwalba ba na masu suga ba ne, wadda za a yi wa tiyata kuma akwai lokacin da aka ɗibar mata ta daina cin komai. Kafin magariba aka kwashe ragowar abinci da kwanuka, saboda abincin da ya kwana a loka yana kiran ɓera da kyankyaso, wani nau'in ɓera kuma shi ke yaɗa zazzaɓin Lasa. An tsayar da rana ta uku don cirewa, aka rubuta sunan wadda za ta cire, domin adon da ba a sa wa ranar sauka ba yakan zauna har babbar Sallah yana tara ƙura. Da aka zo cirewa, an bi igiyar da jiƙaƙƙen tsumma kafin a kwance ta, don kada ƙurar ta zubo kan gadaje.

Ana gane tsari ya kauce idan aka ga mai goge-goge yana tsallake wani wuri, ko nas tana ture ado kafin ta kai ga majinyaci, ko tari ya ƙaru a ɗakin, ko majinyaciya ta ja mayafi ta rufe kanta da rana tsaka. Idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ana cire abin da ya jawo shi nan take, haka nan idan aka kawo sabon majinyaci mai tsananin ciwo ko aka yi rasuwa a ɗakin, ana dakatar da gaisuwar baranda.

Tambayoyin bita

1. Me ake nufi da kewayen majinyaci, kuma me ya sa ado ba ya shiga cikinsa?
2. Ambaci kayan ado biyu da ke goguwa da biyu da ba sa goguwa, tare da bayyana abin da ke samun na biyun a hunturu da damina.
3. An sami bilic mai ƙarfin 5%. Ma'auni nawa na ruwa za a zuba wa ma'auni ɗaya don a sami 0.1%? Nawa kuma don a sami 0.5%?
4. Idan oksijin ba ya kamawa da kansa, me ya sa ake hana turaren wuta kusa da shi?
5. Lasifika tana ba da desibel 86 a tazarar mita ɗaya a fili. Nawa za ta bayar a mita takwas, kuma me ya sa lambar za ta fi haka a cikin ɗaki?
6. Ta wace hanya fitila mai launi da turare mai ƙarfi ke hana nas gane halin majinyaci?
7. A misali na biyu, da a ce ɗakin na yara ne, kuma akwai mai tetanos a ɗakin da ke maƙwabtaka da baranda, waɗanne sassa na tsarin ne za su canza?